Tallar Sallah Sai da Rubutacciyar Ƙa'ida

Ɗan kasuwar Jimeta da zai ɗauki tauraron TikTok ya tallata masa man shafawa gabanin Sallah, ya rubuta masa ƙa'ida kafin a kunna kyamara. A ganinmu, dole a faɗi cewa talla ce aka biya, a karanto lambar rajistar NAFDAC, a bayyana ranar da rangwamen zai ƙare. Kada a ce man yana warkar da ƙyasbi idan ba a matsayin magani aka yi masa rajista ba, kada a kushe baƙar fata, kada a cusa aya cikin barkwanci. Wasu za su ce takurawa na kashe armashin tauraro. To, ya yi barkwancinsa da Hausa ko Fillanci yadda ya saba, amma dokar ARCON ta 2022 ta wajabta tantance talla kafin fitarwa, har ta intanet, kuma mai kaya ma yana cikin waɗanda za a tuhuma.