Yaron lakwal a ƙofar fada

A lakwal mun koya wa yara cewa ladabi shi ne miƙewa tsaye. Mushe ya shigo, aji ya tashi, a ce bonjur. Ran da aka kai yaran nan gaban sarkin Buza kuwa, wannan tarbiyyar ce ke ba su kunya: yaro ya tsaya ƙiƙam da takalmi, ya miƙa hannu, fadawa na harararsa. Ni ban ga laifin yaron ba. A fada girmamawa ƙasa take yi, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa.

Abin bai fi a koya shi cikin rabin awa ba. Takalmi a bakin zaure ake barinsa, hula kuwa tana nan a kai. Yaro ya yi sallama, ya matso, ya tsaya ɗan nesa da shimfiɗar sarki, ya durƙusa, ya dunƙule hannun dama ya ɗaga, wato jinjina, ya ce "Ranka ya daɗe", ko "Ranka shi daɗe" yadda bakinmu na Adar ya saba. Yarinya durƙusawa take yi ta sunkuyar da kai, ba ta jinjina. Hannu kuwa ba a miƙa wa sarki, sai in shi ya fara miƙowa, a karɓa da hannu biyu.

Inda yara suka fi ruɗewa shi ne wajen amsa. Sau da yawa sarki ba ya cewa komai, dogari ne zai ɗaga murya ya ce "Sarki ya gaishe ka". Yaron da bai sani ba sai ya ɗauka ba a ji shi ba, ya maimaita da ƙarfi, ko ya tashi da fushi wai an raina shi. Alhali gaisuwarsa ta karɓu, bakin dogari bakin sarki ne a wurin. Abin da ya rage ya ja gefe ya zauna, kada ya kawo buƙatarsa sai an tambaye shi.

Sai kuma sarauta. Ba a kiran sarki da sunan yanka, kuma ba kowane mai rawani ake kira iri ɗaya ba. Na Madawa Sarkin Gobir ne, na Illela Sarkin Adar. A wajen Kel Geres na Galma Tambari ake cewa, a rugar Fulani Arɗo. Iyaye su tambayo wa yaro sarautar tun a gida. In ta ɓace masa, "Allah ya ba ka nasara" ta ishe shi.

Akwai malaman da ke ƙyamar durƙuson, suna cewa ba a sunkuya wa kowa sai Allah. Ina ganin damuwarsu, shi ya sa nake ce wa yara goshi ba ya kusantar ƙasa, a tsuguna kawai kamar yadda ake gaida kaka. Ga malaman lakwal kuwa shawarata ita ce, kafin ziyarar fada ta gaba, a aza kujera a gaban aji, yaro ɗaya ya zama sarki, wani dogari, sauran su shigo ɗaya bayan ɗaya.