Kafin a shiga ɗakin tiyata, a nemi lissafi a rubuce



Sharhinmu na yau ya shafi aikin tiyatar da likita ya sa wa rana, irin su cire ƙari daga mahaifa ko gyaran gwaiwa, inda iyali ke da makonni na shiri. Abin da aka saba shi ne maigida ya tare ma'aikacin asibiti a baranda ya ce, “Nawa aikin zai ci?” A faɗa masa adadi guda da baki, ya tafi neman rance a kan wannan adadin. Sau da yawa abin da aka faɗa masa kuɗin aikin ne da na allurar barci kawai.

Mu ɗauki misali, kuma kuɗaɗen na kwatance ne. A ce za a cire wa wata baiwar Allah ƙari a mahaifa, an ce wa mijinta naira 380,000. Da ya je ofishin kuɗi ya nemi a rubuta masa komai layi-layi, sai ga gwajin jini da hoton ciki 50,000, jini leda biyu 60,000, gado na kwana 5 a ɗaki na musamman 75,000, magunguna da ƙarin ruwa 35,000. Jimilla ta koma 600,000. Ba wanda ya yi masa ƙarya, tambayarsa ce ba ta kai can ba.

Ko a wannan takarda akwai abin dubawa. Ƙarin da aka cire ana kai shi ɗakin gwaji a tabbatar ba daji ba ne, kuma wannan kuɗin yakan zo daban. Sannan a tambayi likitan da zai yi aikin: idan jini ya ƙi tsayawa har aka cire mahaifar gaba ɗaya, ko kwana biyar suka zama takwas, yaya lissafin zai koma? Ma'aikacin kuɗi ba zai iya amsa wannan ba.

Yanzu a ɗauko takardar inshora. Mai katin NHIA, hukumar da ta gaji NHIS bayan dokar 2022, ya sani cewa tiyata irin wannan tana buƙatar takardar turawa daga asibitin da ya yi rajista, da kuma lambar amincewa daga kamfanin HMO ɗinsa kafin a fara. Wanda ya bari aka yi aiki babu wannan lamba, ya shirya biya daga aljihunsa. Kuma samun lambar bai wadatar ba. A tambaya me aka amince da shi a ƙarƙashinta, domin lambar da aka bayar don ganin likitan mata ba ita ce ta tiyata ba.

Daga nan sai a bi takardar asibitin da biro, kowane layi a rubuta gefensa wanda zai biya. A misalinmu, a ce kamfanin ya ɗauki aikin, da allurar barci, da gwaje-gwaje. Gado kuwa na babban ɗaki inshora ke biya. Idan na babban ɗaki 5,000 ne a kwana, na musamman 15,000, to bambancin kwana biyar, wato 50,000, na maigida ne. Ma'aikacin da ke tsarin NHIA yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, kuma idan asibiti ya ce maganin ya ƙare aka tura shi kemis, cikakken kuɗi zai zube a can. Don haka a tambaya tun da wuri ko akwai magungunan a ƙasa. Jini kuma a yi masa tambaya ta musamman, domin ko 'yan'uwa sun bayar, akwai kuɗin leda da na tantancewa.

Masu inshorar kamfani mai zaman kansa su nemi abu uku a takardarsu: iyakar kuɗin tiyata a shekara, wa'adin jira ga sabon mai rajista, da abin da aka ce game da ciwon da mutum ya shigo da shi. Ƙarin mahaifa yakan daɗe kafin a gano shi, saboda haka wannan na ƙarshe yana iya taɓa shi kai tsaye. Idan iyakar 400,000 ce, lissafi kuma 600,000, to tun yau an san giɓin 200,000 ne.

A ganina, amsar da aka samu ta waya rabin amsa ce. A nemi kamfanin ya turo ta a rubuce, ko da saƙon tes ne, a kuma sa asibiti ya buga hatimi da kwanan wata a takardarsa, ya faɗi tsawon lokacin da farashin zai tsaya, domin lissafin watan jiya ba lallai ya yi aiki a wannan watan ba.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.