Ba Ƙin Jininka Ake Yi Ba, Takardunka Ne a Hargitse

Kullum kukan ɗaya ne: an hana ka gurbin karatu a Kanada, aikin Saudiyya ya suɓuce, wai don kai ɗan Najeriya ne. Malam, kafin ka ɗora wa wani laifi, ɗauko takardunka ka baje su a tabarma ka karanta sunan da ke jikin kowacce.

A sakamakon WAEC an rubuta Mohammed, a takardar digiri Muhammad, a fasfo kuma Muhammed, sannan sunan mahaifi ya koma gaba, sunan garinku da ka liƙa a sakandare ya ɓace. A unguwarku kowa ya san mutum ɗaya ne. Ma'aikacin da ke duba fayil ɗinka a Toronto bai san ka ba, bai san mahaifinka ba. Abin da ke gabansa mutum uku ne. Shekara da shekaru kana ganin wannan bambanci kana cewa ba komai. Gyaransa kuwa sananne ne: takardar rantsuwa daga babbar kotu cewa sunayen duk naka ne, sanarwa a jarida, da wasiƙar magatakardan jami'a idan an nema. Aikin da ya kamata ka gama tun kana bautar ƙasa, sai ana saura mako biyu a rufe karɓar takardu ka tashi a guje. Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Sakaci na biyu ya fi wannan muni, wato rashin sanin abin da ake nema a wurinka. Tabbatar da takarda daban, kimanta ta daban. Tabbatarwa hatimi ne da ke shaida takardar ta gaskiya ce. Da yake Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961, wadda ta sa hatimi ɗaya ke wadatarwa, dole ka bi layi: Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ka. Ka tsallake ɗaya, na gaba ya dawo da kai. Kimantawa kuwa ita ce a faɗi matsayin digirinka a ma'aunin wata ƙasa, aikin da cibiyoyi irin su WES ke yi wa Amurka da Kanada, UK ENIC kuma ke yi wa Birtaniya. Mutum zai kashe kuɗin mota da masauki a Abuja yana tara hatimai, alhali jami'ar da yake nema rahoton WES kawai ta ce ya kawo. Da ya karanta sharuɗɗanta da ya huta.

Ita kuma WES ba ta karɓar tiranskirif, wato cikakken sakamakon darussanka, daga hannunka. Ka buɗe fayil, a ba ka lamba, ka kai wa jami'arku, ita ce za ta aika kai tsaye, ko ta intanet ko a ambulan da aka liƙe aka buga wa hatimi. Ka karɓo ambulan ɗin ka farke don ka leƙa makinka, ka kashe shi. Jami'a ta aika babu lambar fayil, takarda ta isa amma ta rasa mai ita. Kuma ka san yadda fitar da tiranskirif ke jan ƙafa a jami'o'inmu, don haka jinkirinka ya hau kan nasu. Rahoton da ake nema don ƙaura zuwa Kanada shekara 5 yake yi yana aiki, to me ya hana ka fara da wuri?

Daga nan ne ejan ke samun kasuwa. Ya ce ka kawo kuɗi, yana da mutum a ciki, kwana uku an gama. Ka tambayi kanka wane hatimi zai buga maka. Ma'aikacin lafiya da ke neman lasisi a Saudiyya sai ya bi ta DataFlow, su kuwa ba hatimi suke kallo ba, makarantar da ta ba da takardar suke tuntuɓa su ji daga bakinta. Ranar da ta ce ba ta san wannan takarda ba, sunanka ne zai ɓaci, ejan ya riga ya kashe waya. Ba ka manta ba, a ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya sami digiri daga Kwatano cikin mako 6, gwamnati ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo a Janairun 2024, har waɗanda suka yi karatun gaskiya abin ya shafa. Kowace takardar bogi tana ƙara wa masu ta gaskiya wahala.

Saboda haka ka daina ƙorafi. Je ka karɓo ainihin satifiket ɗinka da ka bari a jami'a kana yawo da na wucin gadi, ka daidaita sunanka da na fasfo, ka karanta sharuɗɗan inda za ka da idonka, kuma kada ka miƙa wa kowane ejan takardunka.