Idan baki ya suɓuce a cikin taro: a ba da haƙuri nan take ko a bari sai an watse?

'Yan uwa mazauna Head Bridge da sauran unguwanninmu na Anacha.

Zan fara da kaina, don kada a ce sakatare ya zo yi wa mutane wa'azi alhali shi ma ya taɓa yin katoɓara. Kwanakin baya mun zauna da wasu dattawan Ibo a kan kuɗin hayar filin da motocinmu ke sauke kaya. Mu shida, su huɗu. An yi gaisuwa, an fasa goro, ana magana da Turancin buroka. Da suka faɗi ƙarin da suke so, sai na karkata wajen shugabanmu na ce da Hausa, a tunanina ƙasa-ƙasa: "Ranka ya daɗe, ai Inyamuri ba ya ganin komai sai kuɗi." Wani tsoho daga cikinsu ya ajiye goronsa, ya dube ni, ya ce da Hausar da ta fi tawa fita: "Malam, a Sabon Garin Kano aka haife ni."

Wuri ya yi tsit. Ni kuma na yi abin da yawancinmu ke yi, na yi dariyar yaƙe na ce ai wasa nake. Wannan ita ce katoɓara ta biyu, kuma ta fi ta farko muni. Ta farko suɓutar baki ce. Ta biyu kuwa na gaya wa mutumin ne cewa shi ne bai san wasa ba, wato na ɗora masa laifin jin zafin da ni na jawo. Zaman ya watse ba a cimma komai ba, aka shafe mako uku kafin su yarda a sake zama, kuma a tsakanin nan direbobinmu ne suka sha wahala.

Mu Hausawa mun saba da wasan barkwanci. Bakano ya tsokani Bazazzagi, Bafulatani ya tsokani Babarbare, kowa ya yi dariya a tashi. Amma wannan wasa yana da tushe, ɓangarorin biyu sun gaje shi kuma sun yarda da shi. Babu irin wannan yarjejeniya tsakaninmu da mutanen da muke zaune a garinsu. Kalmar da na faɗa, wasunmu tun suna yara suke jin ta har sun ɗauka sunan ƙabila ne kawai. Ana danganta ta da maganar Ibo ta neman ruwan sha, kuma da yawansu idan suka ji ta, kashe-kashen 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 suke tunawa. Mu ma ai mun san yadda "aboki" take sauka a kunne idan an faɗe ta da wata irin murya a tasha. Wanda kuma yake garin nan a watan Fabrairun 2006, lokacin da rikicin Maiduguri ya dawo kanmu har mutane suka riƙa tsallaka gada zuwa Asaba, ba ya buƙatar a gaya masa cewa zamanmu a nan da kyakkyawar mu'amala yake tafiya.

Ra'ayina a kan irin wannan shi ne a ba da haƙuri nan take, a gaban waɗanda suka ji. Cin fuskar da aka yi a bainar jama'a, idan ka bari sai a ɓoye za ka gyara, mutum ɗaya ka lallasa, sauran tara sun tafi da abin da suka ji, kuma kafin magariba maganar ta zaga kasuwa da ƙari. Abin da ya kamata in ce ba shi da tsawo: "Baba, na yi kuskure. Maganar da na faɗa ba ta dace ba, a yafe mini." Shi ke nan, sai in yi shiru. Ba "idan ranka ya ɓaci" a ciki, domin ya riga ya ɓaci kowa ya gani. Ba bayanin cewa ina da abokai Ibo. Kuma ba a tsaya ana nanatawa har mutum ya koma shi ne yake lallashinka. Idan ya ce ya wuce, a koma kan maganar da ta tara mutane. Idan bai ce komai ba, haƙƙinsa ne, ba a tilasta wa mutum yafiya a tsaye.

To amma ba kowace suɓutar baki ake yi wa haka ba, kuma a nan ne masu saurin ba da haƙuri suke yin ɓarna. A wani taron suna a nan unguwa, wani bawan Allah ya dafa kafaɗar abokinsa yana raha ya ce: "Kai fa, yaushe za mu ci naka ragon?" Mutumin ya fi shekara goma da aure, Allah bai ba su haihuwa ba. Kaɗan ne a wurin suka sani, wasu ma ba su ji ba saboda hayaniya. Da mai maganar ya farga, sai ya ɗaga murya: "Subhanallahi, ka yi haƙuri, wallahi na manta matsalarku!" Nan take wanda bai ji ba ya ji, wanda bai sani ba ya fara tambaya. Haƙurin da ya bayar shi ya tona asirin. Da ya kama bakinsa ya juya hira zuwa wani abu, sannan bayan isha'i ya same shi shi kaɗai, da mutumin ya tashi da mutuncinsa.

Don haka tambayar da nake yi wa kaina yanzu, a 'yan daƙiƙun nan da gumi ke keto wa mutum, ita ce: idan na buɗe baki, zan rufa wa wanda na ɓata wa asiri ne, ko zan ƙara jawo idanu kansa? Idan abin da na taɓa kowa ya gani kuma ya gane, kamar ƙabila, addini, sana'a ko raina babba, gyaran a wurin yake. Idan ciwo ne na cikin gida, kamar rashin haihuwa, mutuwar aure, bashi, ko ɗa da ya lalace, gyaran a keɓe yake. Sai dai a keɓe ba yana nufin sai an ga dama ba. A ranar za a je, ko washegari da safe, da ƙafa ba da saƙon waya ba. Idan aka kwana uku, kunya ta yi nauyi, sai ka ga mutum yana sauya hanya don kada su haɗu, daga nan gaba ta fara.

Akwai masu cewa namiji ba ya ba da haƙuri a gaban baƙi, wai zubar da girman al'umma ne. Ban yarda ba. A zaman nan namu, shugabanmu ne, mai furfura, ya miƙe ya ce yaronsa ya yi kuskure, laifin a kansa. Girman da ya zube a ranar nawa ne, da na bar dattijo ya ɗauki kayan da ni na ɗaure.

Daga baya na nemi wani dattijonmu da suka daɗe da sanin juna ya raka ni shagon tsohon. Ɗan rakiya yana da amfani idan wanda ka ɓata wa ya girme ka, ko kuma ka riga ka makara kamar yadda na yi. Na riƙe goro, na koyi kalma ɗaya ta yarensu, "biko", wadda a wurinsu roƙo ce, a wurinmu kuma kun san bikon da muka sani. Ya saurare ni har na gama, ya ce shekarunsa na Kano sun koya masa cewa Bahaushe ba ya rasa kunya, sai dai ta zo a makare. Ya karɓi goron. Kuɗin filin dai ba su rage ko kwabo ba, amma an ba mu wata biyu kafin ƙarin ya fara aiki.

Sakataren ƙungiya