Sauri Ba Shi Ne Nagarta Ba: Inda Ya Kamata A Ajiye Tushen Maƙiyasin Luenberger

Duk wanda ya karanci ilimin sarrafa na'urori ya ji wata ƙa'ida da ake maimaitawa a aji: wai maƙiyasi ya fi kwantirola sauri sau biyu zuwa shida, wasu ma su ce sau goma. Ɗalibi ya haddace, injiniya ya ninka lamba ya wuce. Ra'ayina shi ne wannan ƙa'ida mafari ce kawai, kuma wanda ya ɗauke ta a matsayin doka zai gina na'ura mai kyau a kan takarda, mai karkarwa a masana'anta. Abin da ya kamata ya yanke saurin maƙiyasi shi ne amsar tambaya guda: tsakanin ma'aunin da aka ɗaura wa na'ura da siffar lissafin da aka rubuta mata, wanne ya fi cancantar amana?

David Luenberger ya gabatar da wannan dabara a 1964, a Jami'ar Stanford. Matsalar da ya tunkara ita ce kwantirola na buƙatar sanin dukkan halin da na'ura ke ciki, alhali ma'auni ɗaya ko biyu ne ake da su. Sai ya ce a gina kwafin na'urar cikin lissafi, a ba kwafin umarnin da ake bai wa na'urar gaske, sannan a riƙa kwatanta abin da kwafin ya ce ma'auni zai nuna da abin da ma'aunin ya nuna. Bambancin da ke tsakaninsu ake ninkawa da wani nauyi, L, a gyara kwafin da shi.

```
dx̂/dt = A x̂ + B u + L (y − C x̂)
de/dt = (A − L C) e
```

Layi na biyu shi ne zuciyar lamarin. Harafin e shi ne kuskuren ƙiyasi, kuma yadda yake gushewa ya dogara ga tushen lissafin A − LC, waɗanda injiniyoyi ke kira fol. Tushe da ke −p yana nufin kuskure na raguwa da sauri gwargwadon girman p. In dai ma'aunin na ɗauke da labarin dukkan halayen na'urar, ana iya zaɓar L da zai kai tushen duk inda aka ga dama. A nan jarabawa take, domin abin da aka bai wa mutum kyauta ba ya tambayar tsadarsa.

Mu ɗauki keken ɗaukar kaya da injin lantarki ke ja a kan layin ƙarfe. Akwai enkoda da ke ƙirga juyin ƙafa, saboda haka mun san inda keken yake, amma ba mu da ma'aunin gudu. An daidaita lissafin yadda umarnin u shi ne ƙarin gudun keken kai tsaye. Muka ajiye tushen kwantirola biyu a −2, wanda ke ba da nauyi 4 a kan matsayi da 4 a kan gudu, keken kuma ya natsu a inda aka aike shi cikin kusan daƙiƙa uku. Ga maƙiyasi, in an ajiye tushensa biyu a −p, sai nauyinsa ya fito haka:

```
s² + l1 s + l2 = (s + p)²
l1 = 2p,  l2 = p²
```

Idan muka ninka saurin kwantirola sau uku, p ya zama 6, l1 ya zama 12, l2 kuma 36, kuskure ya gushe cikin kusan daƙiƙa ɗaya. Idan muka ninka sau goma, p ya zama 20, l1 ya zama 40, l2 kuwa 400, kuskure ya gushe cikin kusan sulusin daƙiƙa. Mai karatu ya lura da abin da ya faru: sauri ya ƙaru sau uku da ɗoriya, amma nauyin da ke gyara ƙiyasin gudu ya ƙaru sau goma sha ɗaya. Wannan nauyin ba ya bambance kuskuren gaske da hayaniyar ma'auni. Duk abin da ya shigo ta y ninka shi yake yi.

Enkoda kuwa ba ta ba da matsayi sumul. Tana tsalle ne daga ƙirge zuwa ƙirge, ga kuma girgizar ƙafa da kutsen lantarki a kan waya. In aka ɗauka hayaniyar ta bazu daidai a kowane mita, girman rawar da take jefawa cikin ƙiyasin gudu yana tashi ne da p a matakin ɗaya da rabi. Daga 6 zuwa 20, rawar ta ninka kusan sau shida. Kwantirola zai ninka wannan rawa da 4 ya tura wa injin, injin ya yi ta ƙugi yana ɗumama alhali keken na tsaye. Wannan ita ce alamar farko ta maƙiyasin da ya yi sauri fiye da kima: umarnin u yana tsalle-tsalle a lokacin da babu abin da ya motsa.

Akwai tsada ta biyu da ba ta da alaƙa da hayaniya. A ce lokacin kunna na'ura ƙiyasin matsayi ya kauce da santimita ɗaya, ƙiyasin gudu kuma daidai yake. Cikin hanzarin gyara matsayin, maƙiyasi zai ƙirƙiro gudun da babu shi, wanda ƙololuwarsa ta kai kusan kashi 37 cikin ɗari na p ninki kuskuren farko. A p na 6, santimita 2.2 ne a daƙiƙa. A p na 20, santimita 7.4. Ƙiyasin yana daɗa muni kafin ya gyaru, kuma in wannan ƙarya ta ɗan lokaci ta kai injin iyakar ƙarfinsa, lissafin da aka dogara da shi ya daina aiki.

Masu goyon bayan sauri suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. A ce layin yana da ɗan gangare, ko akwai gogayyar da ba a sa a siffar lissafi ba, wadda ke daidai da ƙarin gudu d na mita 0.3 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa. Kwafin bai san da ita ba, saboda haka kuskure ba zai gushe ba; ƙiyasin gudu zai tsaya da kaucewar 2d/p. A p na 6, santimita 10 ne a daƙiƙa, a p na 20 kuwa santimita 3. Maƙiyasi mai jinkiri ya fi yarda da siffar lissafi, don haka ƙaryar siffar ta fi cin sa. Alamar wannan ciwo ita ce bambancin y da ƙiyasinsa ya karkata gefe guda ya zauna, maimakon ya riƙa yawo a kewayen sifili.

Sai dai a ganina ƙara sauri magani ne mai tsada ga wannan ciwo. An rage kaucewa zuwa kusan sulusi, an biya da hayaniya ninki shida. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a sanya d a matsayin hali na uku cikin siffar lissafi, a bar maƙiyasi ya ƙiyasta shi tare da matsayi da gudu. In gangaren ba ya canzawa da sauri, kaucewar za ta gushe gaba ɗaya ba tare da an kai tushe −20 ba. Wanda ya ga rufinsa na yoyo ya gyara rufin, ba ya ƙara yawan bokiti.

Daga ina kuma aka samo tunanin cewa dole a auna maƙiyasi da kwantirola? Daga ƙa'idar rabuwa, wadda ta ce in an haɗa su biyu, tushen tsarin gaba ɗaya su ne tushen A − BK tare da tushen A − LC, kowanne yana nan inda aka ajiye shi. A misalinmu, −2 sau biyu da −6 sau biyu. Ana son na kwantirola su zama mafi jinkiri domin su ne za su mamaye halayyar na'urar. Wannan dalili ne mai kyau na kada maƙiyasi ya yi nawa, amma bai ce sau nawa ba. Hasali ma, in siffar lissafi daidai take kuma kuskuren farko ya gushe, keken zai bi sabon umarni kamar ana auna gudunsa kai tsaye, domin kwafin da na gaske umarni ɗaya suke karɓa. Saurin maƙiyasi yana bayyana ne a lokacin kunnawa, da lokacin da wani abu daga waje ya tura keken, da inda siffar ta yi ƙarya.

Ƙa'idar rabuwa kuma tana magana ne a kan inda tushe suke, ba ta yi alkawarin juriya ba. A 1978 John Doyle ya nuna cewa haɗa kwantirola mafi kyau da maƙiyasi mafi kyau na iya haifar da tsarin da ƙaramin kuskure a ƙarfin injin zai rushe shi. A 1979 shi da Gunter Stein suka nuna cewa ƙara wa maƙiyasi sauri kawai ba ya lamunce dawowar juriyar. Ga jinkirin lissafi kuma: jinkirin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa yana cin kusan digiri 3 a mitar 6, amma digiri 11 a mitar 20. Haka nan lanƙwasar bel ko sandar injin, wadda aka yi watsi da ita a siffa, maƙiyasi mai sauri ne zai fara jin ta ya ɗauke ta motsin gaske.

Matatar Kalman, wadda Rudolf Kalman ya wallafa a 1960, tana da ginin da ya yi daidai da wannan maƙiyasi, amma tana fitar da L daga ƙarfin hayaniya biyu: q na turin da ba a sani ba, da r na ma'auni. Ga kekenmu, saurin da take zaɓa shi ne `(q/r)^(1/4)`. Babu tushen kwantirola ko ɗaya a cikin wannan lissafi. Yana kuma koyar da cewa sai an rage girman hayaniyar ma'auni zuwa rubu'i kafin a cancanci ninka saurin maƙiyasi sau biyu. Sauri abu ne da ake saye da ma'auni mai kyau, kuma farashinsa na hawa da wuri.

Saboda haka shawarata ga mai zana irin wannan tsari ita ce ya fara da ninki biyu ko uku, ya kunna na'urar, ya sa ido a kan abu biyu: bambancin y da ƙiyasinsa, da kuma umarnin u. In bambancin ya karkata gefe guda, ya fara neman abin da siffar ta manta kafin ya taɓa L. In u na rawa alhali keken na tsaye, ya dawo da tushen baya ko ya nemi enkoda mai ƙirge da yawa. Sannan ya gwada tsarin da nauyin kaya rabi da ninki biyu, tare da jinkirin gaske da iyakar ƙarfin injin a cikin lissafi. In bayan wannan ninki goma ne ya tsira, to ya cancanta. In ninki biyu ne ya tsira, babu abin kunya a ciki.