Kada a ɗora wa jaki kayan raƙumi

Iyaye da yawa a nan Dogon Kiriya suna sayar da akuya ko buhun gero su sayo wa ɗansu na kwaleji tsohuwar kwamfuta daga Dogon Dutsi ko Yamai. Mai gyara ya cusa mata Windows 10, ta yi ta nishi kafin ta buɗe takarda ɗaya, sai a ce an yi asara. Ni na ce ba a yi asara ba, kaya ne aka yi wa yawa. Kuma Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025.

Mu ɗauki wadda na fi gani hannun ɗalibaina: Core 2 Duo mai RAM giga 2. RAM kamar teburin ɗalibi ne, in ya cika babu wurin rubutu. Windows 10 kan cinye fiye da rabin teburin nan tun ba a buɗe komai ba. Linux da ake kira antiX kuwa bai cika kai mega 300 ba. Saura ya ishi LibreOffice, inda yaro zai rubuta aikinsa ya yi lissafi.

Ƴan uwana malamai masu cewa "a sa Ubuntu, shi aka sani", ku ma ban yarda da ku ba. Ubuntu na yau ya fi ƙarfin injin nan. Suna ba ya aiki, awo ke yi. A tada kwamfutar da kile mai ɗauke da antiX, ba tare da an goge komai ba, a rubuta:

```
free -h
lscpu
```

Na farko zai faɗi yawan RAM. Na biyu zai nuna ko injin yana ɗaukar 64-bit ko 32-bit kaɗai. In giga 4 ne, Linux Mint Xfce ya wadatar. In giga 2 ne ko ƙasa, a tsaya ga antiX. In kuma 32-bit ne, irin ƙananan nan masu Atom N270, kada a wahala da Lubuntu, domin ya bar su tun 2019. antiX bai bar su ba.

A kula da abu biyu. A sauko da bugun da aka rubuta wa "full", mai LibreOffice a ciki, a kuma ƙara masa Faransanci da maɓallan AZERTY tun ana inda intanet ke da ƙarfi. Sannan babu Linux da zai hana Firefox cin RAM: shafi goma a buɗe zai durƙusar da giga 2.

Ana cewa yara ba su saba da shi ba. Wanda ya koyi wayar babansa cikin kwana biyu? Uba, kafin ka biya mai gyara, tambaye shi: RAM nawa ne? In bai duba ba, ɗauki kwamfutarka ka yi gaba.