Sharhi: Kuɗin Makarantar Kuɗi, Me Ke Cikinsa?



Duk lokacin da watan Satumba ya ƙarato, za ka ga iyaye suna zagaya makarantun kuɗi da tambaya ɗaya a bakinsu: nawa ne zango? A gaya musu, su gode, su nufi ta gaba. Wadda ta faɗi kuɗi mafi ƙanƙanta ita ce ta yi nasara. Ni kuwa a ganina wannan tambaya ita ke jefa magidanta da yawa cikin bashi, domin kuɗin da ake faɗa a bakin ƙofa ba shi ne abin da za ka kashe a shekara ba.

Bari mu ɗauki misali da makarantun firamare biyu a unguwa ɗaya. Ta farko ta ce naira dubu 45 a zango, ta biyu ta ce dubu 70. Zango uku ne a shekara, ke nan ta farko dubu 135, ta biyu dubu 210. Kowa zai ce ai ta farko ce mai sauƙi.

To, an kai yaro ta farko. Ranar rajista sai a miƙo wa uba wata takarda: littattafai dubu 30, kuma dole a makarantar za a saya. Yunifom kala biyu da kayan wasanni dubu 18. Bayan mako biyu yaro ya dawo gida da 'yar takarda a aljihun jaka, kuɗin lesin dubu 5 duk wata, wata tara ke nan dubu 45. Ga kuɗin jarrabawa da na ƙungiyar iyaye da malamai, dubu 4 kowane zango, dubu 12 a shekara. Idan ka haɗa, an kai dubu 240. Ita kuwa ta biyu, littattafai da lesin da jarrabawa duk suna cikin dubu 70 ɗin, yunifom kaɗai za ka saya a dubu 15, jimilla dubu 225. Mai arahar ta fi mai tsadar da dubu 15, kuma ta karɓe su ne kaɗan-kaɗan, a lokacin da uba bai shirya ba.

Lesin ɗin nan shi ya fi damuna. Sau da yawa za a ce maka ba dole ba ne, ganin dama ne. Amma ka tambaya: a lesin ana maimaita abin da aka koyar da safe ne, ko ana shiga sabon darasi? In dai ana shiga sabon darasi, to ya zama dole, domin yaron da aka ɗauka ƙarfe ɗaya zai wayi gari an wuce shi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ka je bakin makarantar lokacin tashi na farko. Idan yara biyar kawai suka fito, saura na aji, ka samu amsarka.

Kada kuma kalmar "har da littattafai" ta ruɗe ka. Waɗanne? Na rubutu ne kawai ko har da na karatu? Yaro zai tafi da su gida, ko ana karɓewa ƙarshen shekara? Akwai littattafan da ake yin aikin gida a cikinsu, ƙane ba ya gadonsu daga wa, kowace shekara sai sabo. Mai 'ya'ya uku a makaranta ɗaya ya san zafin wannan. Motar makaranta ma, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, ba abin da za a bari a lissafin baka ba ne.

Wani zai ce in ta yi tsada sai a canza. Canjin ma kuɗi ne: sabon fom, sabuwar rajista, sabon yunifom, sababbin littattafai, ga yaro ya rabu da malaman da ya saba da su.

Ba ina cewa duk mai araha ɓoye kuɗi take yi ba. Akwai masu makarantu masu tsoron Allah da za su zayyana maka komai tun ranar farko, kuma su ma haya da albashin malamai suna kansu.

Saboda haka, iyaye, ku nemi a rubuta muku duk abin da za ku biya daga zangon farko zuwa na uku, a ware na sau ɗaya da wanda ake maimaitawa, har da kuɗin bikin yaye ɗalibai, da na WAEC da NECO ga 'yan ajin ƙarshe na sakandare. Sannan ku nemi uwa ko uban da ɗansa ya shekara a makarantar, ku nuna masa takardar, ku tambaye shi abin da ya biya wanda ba ya ciki. Ku kuma masu makarantu, don Allah ku ba iyaye wannan takarda tun kafin su roƙa.